Hirar Uwa da 'Yarta Kafin Jinin Al'ada na Farko

Yawancin 'yan mata suna ganin jinin al'adarsu na farko tsakanin shekara 10 zuwa 15, kuma mafi yawansu a wajajen shekara 12 ko 13. Ranar da zai zo ba a san ta ba, wurin da zai riski yarinya ma ba a san shi ba. Yana iya samunta a aji, ko a islamiyya, ko a gidan biki, ko kuma ta farka da asuba ta gan shi a zanen gado. Yarinyar da aka riga aka gaya wa takan gane abin da ta gani, ta nufi uwarta. Wadda ba a gaya wa ba kuwa, abin da ta sani game da jini shi ne ciwo da rauni, saboda haka sai ta ɗauka ta ji ciwo a ciki, ko ta kamu da wata muguwar cuta, ko ta aikata laifin da za a hukunta ta a kai. Irin wannan yarinya takan ɓoye wandonta, ta cusa tsumman da ta samu, ta kwana biyu tana kuka ita kaɗai. Hirar da uwa za ta yi da 'yarta kafin wannan rana ita ce ke raba yarinya ta farko da ta biyu.

Lokacin da ya dace a fara

Jiki yakan ba da sanarwa tun da nisa, kuma uwa mai lura ba za ta rasa gani ba. Alama ta farko a wurin yawancin yara ita ce kirgen dangi: wani ɗan ƙullutu mai tauri yakan fito a ƙarƙashin kan nono, sau da yawa a gefe ɗaya kafin ɗayan, yana kuma yin ɗan zafi idan an taɓa. Wannan yakan faru tsakanin shekara 8 zuwa 13. Daga fitowarsa zuwa jinin farko akan ɗauki kimanin shekara biyu, wani lokaci har biyu da rabi. A tsakanin nan gashi yakan fara fitowa a mara da hammata, warin gumi ya canza, yarinya ta yi tsawo da sauri har kayan sallarta na bara su ɗage mata. Alama ta kusa ita ce wani farin ruwa mai ɗan yauƙi, marar wari, da take gani a wandonta. Idan ya bayyana, galibi saura wata shida zuwa shekara guda.

Ma'anar wannan ita ce, uwar da ta jira sai 'yarta ta kai shekara 13 tana iya makara. Mafi dacewa a fara maganar da zarar an ga kirgen dangi, ko kuwa idan yarinya ta kai shekara 9 ko da ba a ga komai ba, domin ƙawayenta na aji za su fara, kuma abin da ba ta ji a gida ba za ta ji shi a bakinsu a karkace. Akwai wani lokaci guda da bai kamata a bari ya wuce ba, wato kafin a kai yarinya makarantar kwana. Yara da yawa suna shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare suna da shekara 11 ko 12, daidai shekarun da ake sa ran zuwan jinin, kuma a can babu uwa a kusa.

Wanda zai yi maganar

A gidajen Hausawa kunya tana da ƙarfi tsakanin uwa da 'ya, musamman 'yar fari, wadda wasu iyaye mata ko sunanta ba sa kira. Shi ya sa tun da can wannan aiki yakan faɗa hannun gwaggo, ko inna, ko kaka, ko yaya da ta riga ta yi aure. Tsarin ba shi da laifi muddin an tabbatar wani ya ɗauki nauyin. Inda yake ɓaci shi ne inda kowa ya zaci wani ya faɗa: uwa ta ce ai an koya musu a islamiyya, malama ta ce wannan aikin uwa ne, gwaggo kuma tana wani gari. Gaskiya ne ana karanta babin haila a littattafai irin su Ahalari da Risala, amma yarinya tana iya haddace hukuncin tsaf ba tare da ta gane cewa jikinta ake nufi ba, balle ta san yadda ake sa ƙunzugu.

Uwar da nauyin baki ya hana ta tana iya wakilta 'yar'uwarta, amma ya kamata ita ma ta furta ko da jimla ɗaya ce, cewa ta san an yi mata bayani, kuma duk ranar da abin ya zo ita za ta fara gaya wa. Yarinya tana bukatar ta ji daga bakin uwarta cewa ƙofar a buɗe take. Inda uwa ta rasu ko ba ta gidan, uba ba zai zauna shiru ba. Shi ne zai nemo macen da yarinyar ta yarda da ita, ya kuma ware kuɗin auduga ba tare da an roƙe shi ba.

Yadda ake buɗe hirar

Kiran yarinya ɗaki a rufe ƙofa da fuska a ɗaure yakan sa ta tsorata tun kafin a ce komai. Hirar ta fi sauƙi idan hannu yana kan wani aiki, ido kuma ba ya cikin ido: lokacin kitso, ko tsintar shinkafa, ko ninkin kaya, a sa'ar da ƙanne maza ba sa kusa. Ba kuma zama ɗaya ba ne. Gajerun hirarraki uku ko huɗu cikin 'yan watanni sun fi doguwar lacca guda, saboda yarinya takan tafi da abin da ta ji, ta juya shi a ranta, sannan tambayoyinta su fito bayan kwana biyu.

A ɗauki misalin uwa da 'yarta mai shekara goma, wadda ta fara kirgen dangi wata uku da suka wuce. Uwar tana yi mata kitso, sai ta fara da tambaya maimakon bayani.

"Kin taɓa lura akwai ranakun da ba na salla?"

"E, Umma. Na ɗauka ba ki da lafiya ne."

"Lafiyata ƙalau. Kin taɓa jin 'yan ajinku suna maganar al'ada?"

"Wata ta ce jini ne ke fitowa, wai idan mutum ya yi iskanci."

"Ba haka ba ne, 'yata. Kowace mace tana yi, ni ma ina yi, kakarki ma ta yi. Ke ma nan gaba za ki fara, shi ya sa nake so ki ji daga bakina."

Fara da tambaya yana da amfani biyu. Yana nuna wa uwa abin da yarinyar ta riga ta ji, daidai ko kuskure, yana kuma sa yarinyar ta ji hira ake yi, ba tuhuma ba. Idan ta faɗi wani abu na shirme, ba a yi mata dariya, ba a kuma tsare ta da tambayar wa ya gaya mata, domin daga ranar ba za ta ƙara faɗa ba.

Bayanin abin da ke faruwa a jiki

Yarinya mai shekara goma ba ta bukatar darasin likitanci, amma tana bukatar gaskiya. Abin da za a gaya mata shi ne, a cikin marar kowace mace akwai mahaifa, inda jariri yake zama kafin a haife shi. Idan yarinya ta fara girma, kowane wata mahaifar takan yi wa kanta shimfiɗa mai laushi ta jini da tsoka, kamar yadda ake gyara ɗaki idan ana sa ran baƙo. Idan babu ciki, sai ta kwashe shimfiɗar, ta fito a hankali ta gaban mace cikin 'yan kwanaki, sannan a sake sabuwa. Wannan shi ne jinin al'ada. Ba daga rauni yake fitowa ba, ba kuma ƙazantar jiki ba ce da ta taru. Yana da kyau a bayyana mata cewa ƙofar da yake fitowa daban take da ta fitsari, ko da yake suna kusa, kuma ba a iya riƙe shi kamar yadda ake riƙe fitsari. Yara da yawa ba su san wannan ba, har wata takan zargi kanta da sakaci idan ya ɓata mata kaya.

Daga nan sai a faɗa mata yadda zai yi kama, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Jinin farko sau da yawa ba ja ba ne. Yakan zo a matsayin ɗan tabo mai ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi a wando, har yarinya ta zaci bayan gida ne ya taɓa ta. Daga baya yana iya yin ja, ya koma duhu a ƙarshe, wani lokaci da 'yan ƙananan gudaji. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa bakwai. Yawansa kuwa bai kai yadda ido ke nunawa ba: duk abin da ke fita a kwanakin gaba ɗaya galibi bai wuce cikin babban cokali biyu zuwa uku ba, ko da yake wasu sukan fi haka. Tambayar da kusan kowace yarinya ke yi a ranta ita ce ko jininta zai ƙare, kuma ya dace uwa ta amsa ta ko ba a furta ba: ba zai ƙare ba, jiki yana mayar da abin da ya fita.

Koyar da aikin hannu

Bayani ba ya wadatarwa sai an haɗa da nuni. Uwa ta ɗauko audugar mata guda ɗaya da wando mai tsabta, ta buɗe a gaban yarinyar, ta ɓare takardar bayan, ta manna a tsakiyar wandon, ta naɗe fikafikan ta ƙasa, sannan ta ba ta wata ta gwada da hannunta. Wandon ya zama na auduga mai kama jiki, domin sakakken wando shi ne ke sa auduga ta goce. A gaya mata ana canzawa duk bayan awa huɗu zuwa shida ko da ba ta cika ba, kuma a ranar farko da ta biyu, da jinin ya fi yawa, ana iya bukatar canzawa da wuri. A sa sabuwa kafin barci. Wadda aka cire a naɗe ta a takarda ko leda a jefa a shara ko a ƙone, kada a jefa ta a masai na zamani mai ruwa domin takan toshe shi.

Tsadar auduga ta sa gidaje da yawa sun koma ga ƙunzugu na ƙyalle, kuma babu abin kunya a ciki. Ƙyalle ba ya cutarwa idan an kula da shi. Rashin kulawar ne ke cutarwa. A zaɓi yadin auduga mai laushi mai shan ruwa, kamar tsohuwar atamfa da ta sha wanki, a yanka guda shida ko takwas don a riƙa sauyawa, kuma su zama nata ita kaɗai. Idan an cire, a fara jiƙawa a ruwan sanyi, saboda ruwan zafi yana kama jini a jikin yadi, sannan a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. A nan ne kunya ta fi yin ɓarna. Yarinya takan ji nauyin shanya ƙunzugu a igiyar tsakar gida, sai ta tura shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa da danshinsa, ta sake sawa gobe. Danshin nan shi ke kawo wari da ƙaiƙayi da ƙuraje. Maganinsa mai sauƙi ne: uwa ta ware mata igiya a wani lungu da rana ke kaiwa, ko ta koya mata ta lulluɓa siririn mayafi a kai. Idan akwai dutsen guga, a goge kafin a ajiye.

Wanka a kwanakin al'ada ba ya hana komai, ba ya tsayar da jini, ba ya kuma jawo ciwo. Bukatarsa ma ta fi ta sauran kwanaki. Tsarki kuma da ruwa zalla ne, a wanke waje kawai, daga gaba zuwa baya don kada a jawo ƙwayoyin cuta daga dubura. Ba a cusa sabulu ko hoda ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta a ciki, domin wurin yana tsabtace kansa, kuma waɗannan abubuwa sukan jawo ciwon da ake gudu.

Ciwon mara da canjin hali

Ba daidai ba ne a ce wa yarinya babu ciwo ko kaɗan, domin idan ya zo za ta daina yarda da sauran abin da aka gaya mata. Ba daidai ba ne kuma a tsorata ta da labarin masu birgima a ƙasa. Gaskiyar tana tsakiya. Mahaifa tsoka ce, kuma tana matsewa don ta fitar da shimfiɗar, wannan matsewar ce ake ji a matsayin murɗa a mara, wani lokaci har baya da cinyoyi. Ya fi tsanani a rana ta farko da ta biyu. Wasu ba sa jin komai a watannin farko sai daga baya, wasu kuma ba sa ji sam. Ana iya haɗawa da ciwon kai, ko nauyin nono, ko ƙurajen fuska, ko sakin ciki, ko saurin fushi da kuka ba dalili. Yarinyar da aka gaya wa haka tun da wuri ba za ta ɗauka halinta ne ya lalace ba, uwar da ta sani kuma za ta rage faɗa a waɗannan kwanaki.

Ɗumi yana taimakawa ƙwarai. A zuba ruwan ɗumi a gora a naɗe da tawul a ɗora a mara, ko a yi wanka da ruwan ɗumi. Tafiya da ɗan motsa jiki sun fi kwanciya wuni guda. Idan ciwon ya hana sukuni, farasitamol yana ragewa, ibufurofen kuma ya fi shi aiki a kan wannan ciwo domin yana rage sinadarin da ke sa mahaifa matsewa. Ana shansa bayan an ci abinci, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya tsara bisa shekaru da nauyin yarinyar, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma ba ta sha sai da izinin likita. Asfirin ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 16. Jiƙon kanwa da wasu ke sha, da haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, da allurar da ake zuwa kemis a yi duk wata, duk abubuwa ne da ya kamata uwa ta hana tun daga farko, domin abin da yarinya ta saba da shi a shekarar farko shi za ta riƙe.

Jinin da ke fita yana tafiya da sinadarin ƙarfe, yarinya mai tasowa kuma tana bukatarsa fiye da da. Zogale, alayyafo, wake, hanta, nama da kifi suna mayar da shi, kuma lemo ko gwaiba ko tumatir tare da abinci suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, shayi kuwa a kan abinci yana rage tsotsewar. Maganar da ake yi cewa shan zaƙi ko ruwan sanyi yana ƙara jini ko yana daskarar da shi ba ta da tushe.

Idan ya zo a waje

Abin da ya fi damun yarinya ba ciwo ba ne, tsoron jin kunya a gaban mutane ne. Saboda haka uwa ta bi da ita mataki-mataki abin da za ta yi idan ya same ta a makaranta. Ta sa mata 'yar jaka a cikin jakar littattafai, da auduga biyu, da wando ɗaya, da leda. Idan ta ji danshi ta nemi izinin fita, ta duba. Idan babu auduga, ta ninka hankici mai tsabta ko takardar bayan gida ta sa na ɗan lokaci. Idan ya taɓa kayan makaranta, ta sauke hijabinta ya rufe ko ta ɗaura rigar sanyi a ƙugu, ta je wurin wata malama mace. Yana da kyau uwa da 'ya su zaɓi malamar tun yanzu, su kuma shirya kalmomin da za ta faɗa, ko da "Malama, al'adata ce ta zo" ne kawai, domin a lokacin ruɗewa baki yakan mutu. Haka nan a ja mata kunne cewa idan ta ga ya ɓata wa wata kaya, ta matsa kusa ta gaya mata a hankali, ta rufa mata asiri.

Ibada da lissafin kwanaki

Ga gidan Musulmi, jinin farko alama ce ta balaga, daga nan salla da azumi sun hau kan yarinya. Abin da take bukatar sani a farko kaɗan ne. Idan jinin ya zo za ta dakata da salla da azumi. Idan ya ɗauke za ta yi wankan tsarki ta ci gaba da salla. Azumin Ramadan da ta sha za ta rama, salla kuwa ba a ramawa. Ana gane ɗaukewarsa da ɗayan abu biyu: ko ta sa farin ƙyalle ya fito a bushe ba tabo, ko ta ga wani farin ruwa da ke biyo bayan jinin. A mazhabar Malikiyya, mafi tsawon kwanakin haila ga wadda ta fara shi ne 15, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, za ta yi wanka ta yi salla, kuma dama kafin a kai nan ya kamata a ga likita. A nuna mata wankan a aikace: niyya, wanke hannu da gaba, alwala, zuba ruwa a kai har ya ratsa tushen gashi, sannan a game jiki duka da ruwa ana cuɗawa.

Yadda ake faɗin wannan yana da muhimmanci kamar abin da ake faɗa. Barin salla a waɗannan kwanaki bin umarni ne, ba kora ba ce. Mai haila tana zikiri da addu'a, tana girki, tana cin abinci da kowa a kwano ɗaya, hannunta ba najasa ba ne. Ya tabbata cewa lokacin da haila ta zo wa Nana A'isha a hanyar hajji har ta yi kuka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lallashe ta da cewa abu ne da Allah ya ƙaddara wa 'ya'yan Adamu mata. A yawancin gidajen Kirista babu hukuncin barin ibada, amma bukatar a tabbatar wa yarinya cewa ba ta zama ƙazama ba ɗaya ce. A watan azumi kuma uwa ta kare 'yarta daga ƙanne masu tsokanar me ya sa take cin abinci da rana, don kada kunya ta sa ta yi azumin ƙarya.

Lissafi yana amfani ga ibada da lafiya duka. A ba ta ɗan littafi ko kalanda ta riƙa sa alama a ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke. Ana ƙirga zagayen wata daga ranar farko ta wannan jini zuwa ranar farko ta na gaba. Misali, idan ya fara ranar 3 ga Maris, na gaba ya zo ranar 9 ga Afrilu, zagayen kwana 37 ne. Ga babbar mace wannan ya ɗan yi tsawo, amma ga yarinyar da ta fara daidai ne, domin a shekarun farko ana ɗaukar kwana 21 zuwa 45 a matsayin lafiya, kuma yana iya tsallake wata guda. Dalili shi ne jiki bai riga ya daidaita sakin ƙwai kowane wata ba, abin da kan ɗauki shekara biyu ko uku. Uwar da ba ta san haka ba tana iya tayar da hankalin gida da zargin ciki a kan yarinyar da ba ta san komai ba, kuma irin wannan zargi ba ya goguwa daga zuciyar 'ya.

Maganar maza

Jimlar da mata da yawa suke tunawa ita kaɗai aka gaya musu ita ce, yanzu kin girma, idan namiji ya taɓa ki za ki yi ciki. Niyyar kariya ce, amma sakamakonta ba shi da kyau. Yarinya takan ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ta shiga firgici don hannun ɗan acaɓa ko na yayanta ya taɓa ta. Idan ta gano ba gaskiya ba ne, sai ta raina sauran gargaɗin. Mafi muni, idan wani ya ci zarafinta, takan yi shiru don tana ganin laifinta ne. Abin da ya fi shi ne a faɗi gaskiya daidai hankalinta: ciki yana samuwa ne idan namiji ya sadu da mace ta al'aura, kuma jikinta ya kusa kai matakin da hakan zai iya faruwa, har ma dab da jinin farko. Zuwan al'ada ba ya nufin jikinta ya gama girma, ƙugunta da ƙashinta suna da sauran shekaru. Babu wanda ke da ikon taɓa mata ƙirji ko gaba, ko ɗan'uwa ne ko malami, kuma idan wani ya gwada, ta faɗa, ba za a dake ta ba. Gara a ware wannan magana zuwa wani zama daban, don kada jinin al'ada ya haɗu da tsoro a ranta tun daga farko.

Alamomin da ke bukatar asibiti

Akwai iyakar abin da ake jira a gida. Idan kirgen dangi ko jini ya bayyana kafin shekara 8, ko yarinya ta kai 13 babu alamar nono, ko ta kai 15 ba ta ga jini ba, ko shekara uku ta wuce da kirgen dangi shiru, a kai ta a duba. Jinkiri sau da yawa gado ne ko ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma masu sikila sukan makara fiye da tsaransu, amma likita ne zai tantance. Yarinyar da ke ciwon mara mai tsanani duk wata alhali jini bai taɓa fitowa ba tana bukatar dubawa da wuri, domin wani lokaci fatar budurci ce ta rufe ƙofar gaba ɗaya jinin yana taruwa a ciki, kuma ƙaramin aiki a asibiti ke buɗewa. Wannan ba aikin wanzami ko ungozoma ba ne, yankan gishiri yana jawo zubar jini da yoyon fitsari.

Bayan an fara, abubuwan lura su ne jinin da ya wuce kwana bakwai, ko wanda ke jiƙa auduga sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko manyan gudaji, ko ɗaukewar da ta wuce wata uku. Haka nan jiri, da haki, da farin ido da tafin hannu, waɗanda ke nuna ƙarancin jini. Da ciwon da ke hana zuwa makaranta duk wata ko bayan an sha magani. Da ruwa mai wari ko ƙaiƙayi ko zazzaɓi. Yarinya mai zubar jini da yawa tun daga watan farko, wadda kuma dama takan yi haɓo ko jininta ya daɗe bai tsaya ba idan ta yanke, tana iya kasancewa da matsalar daskarewar jini, kuma ya kamata a gaya wa likita wannan tarihi. Idan za a je asibiti a tafi da littafin da take sa alama, domin tambayar farko da za a yi ita ce yaushe jinin ya fara, kwana nawa yake yi, kuma auduga nawa take canzawa a rana.